Ko Ka Sani? Yadda Ake Gane Ƙananan Kayan Da Ke Cikin Cajar Waya

Ko ka san cewa ɗan layin da ake zanawa a gefen wani ƙaramin abu a kan fanel yana iya nufin abubuwa biyu masu kishiyantar juna? A jikin wani kafasito layin yana nuna ƙafar da ke da alamar −, a jikin wani kuma ƙafar + yake nunawa. Wanda bai san haka ba, zai ɗora sabon kaya a juye, ya kunna wuta, ya ji fas! Saboda haka duk mai gyaran da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da kallon siffa kaɗai. Siffa tana ba shi zato ne, sai ya nemi abin da zai tabbatar masa.

Cajar waya ce ta fi dacewa a koyi wannan aiki da ita, don kusan kowane gida akwai wadda ta mutu, kuma kayan cikinta kaɗan ne. Sai dai kafin ka kai yatsa ka san wannan: babban kafasiton da ke kusa da mashigar wuta yana iya riƙe wuta ko bayan an zare cajar daga soket. Wutar gida mai bolt 230, idan aka miƙe ta, tana kai kusan bolt 325 a kan wannan kafasito. A auna shi da mita tukuna. In akwai saura, a sauke ta da rizisto mai om dubu goma ko makamancinsa, ba da bakin sukurdireba ba. Kuma ba a taɓa fanel yana jone da wuta.

Shaida ta farko a rubuce take a kan fanel ɗin kansa. Kusa da kowane kaya, da farin fenti, za ka ga harafi da lamba. R na rizisto ne, wanda ke rage gudun wuta. C na kafasito ne, mai tara wuta ya sake ta. D na dayod ne, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Q na taransisto ne, L na kwayil, F na fis, T na taransifoma, U kuma ko IC na ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa. Da kowane fanel na ɗauke da wannan rubutu, da aikin ya zo da sauƙi. Amma cajojin arha sukan zo da rubutu rabi da rabi, cikin wayar hannu kuwa galibi babu shi sam, don babu wurin yin sa.

To, sai a koma ga siffa. Rizisto mai ƙafafu biyu dogaye ana gane shi da zobban launi a jikinsa, kowane launi da lambarsa: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A mai zobe huɗu, zobba biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifirin da za a ƙara, na huɗu kuma, wanda yawanci ruwan zinariya ne, yana cewa ƙimar na iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: ɗaya, sifiri, da ƙarin sifiri biyu, om 1,000 ke nan. Ƙananan riziston da ake manna su a saman fanel, marasa dogayen ƙafafu, baƙaƙe ne da farar lamba a kai, kuma lissafin bai canja ba. 103 om 10,000 ne, 472 om 4,700 ne. Idan ka ga 4R7, harafin yana tsaye a matsayin ɗigo ne, wato om 4.7. Wanda aka rubuta wa 0 ko 000 gada ce kawai, wuta ke bi ta kansa ta tsallake wani layi.

Ko a nan ido na yaudara. Akwai ƙaramin kwayil, yawanci kore kuma ya ɗan fi kauri, mai zobban launi irin na rizisto sak. Cajoji da dama suna da shi tsakanin manyan kafasito biyu. Mai karanta zobbansa a matsayin rizisto zai yi tsammanin om 1,000, mita kuwa ta nuna masa om kaɗan, sai ya ce kayan ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Harafin L da ke gefensa shi ke raba gardama.

Kafasito ne suka fi yawan iri, kuma a nan ne batun layi ya taso. Mai siffar gwangwani a tsaye, shi ne wanda kowa ya sani. Yana ɗauke da ƙimarsa ɓaro-ɓaro, misali 400V 4.7µF a ɓangaren shigowar wuta, ko 10V 470µF a ɓangaren fita. Faffaɗan layin da ke gefensa yana nuna ƙafar −. Tsagin da ke kansa, mai kama da gicciye ko harafin K, da gangan aka yi shi, don in iska ta taru a ciki ya buɗe ta nan a hankali. Kan da ya kumbura ko ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa, wannan kafasito ya gama aiki, ba sai an auna ba. Akwai kuma na yumɓu: masu faɗi kamar ƙwayar magani, da rubutu irin 104, wanda ke nufin 0.1µF, da ƙananan da ake mannawa, masu ruwan ƙasa-ƙasa, waɗanda ba a rubuta musu komai. Su ba ruwansu da gaba ko baya. Rashin rubutun ma alama ce: ɗan abu mai ruwan ƙasa, ba lamba, ƙarfe a kai biyu, kusan kullum kafasito ne.

Sai na uku, na tantalam, ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, rawaya ko baƙi. Layin da ke jikinsa ƙafar + yake nunawa, akasin na gwangwani. Kuma ba ya haƙuri da juyi ko kaɗan, yana iya kama wuta. Abin da ya ƙara rikita lamarin, baƙin tantalam da baƙin dayod na mannawa kamar an tsaga kara suke: girma ɗaya, launi ɗaya, layi a gefe ɗaya. A jikin dayod layin yana nuna kan da wuta ke fita. A ganina wannan shi ne wurin da sabon mai koyo ya fi bukatar ya tsaya ya nutsu. Rubutun da ke kai yana taimakawa. M7 dayod ne na miƙe wuta, ɗan'uwan 1N4007 mai dogayen ƙafafu, wanda ke ɗaukar amfiya 1 da bolt 1,000. SS14 dayod ne mai saurin aiki na ƙaramar wuta, amfiya 1 da bolt 40. Amma 106 ko 476 tare da wani harafi ko adadin bolt, wannan kafasito ne.

Mita ce ke yanke hukunci na ƙarshe. A juya ta zuwa wurin da ke da alamar dayod, a ɗora jan tsinke a kan da ba layi, baƙin a kan mai layi. Dayod na yau da kullum zai nuna tsakanin 0.5 da 0.7, irin su SS14 kuma wajen 0.2 zuwa 0.3. A juya tsinken, mita ta nuna OL, wato hanya a rufe take. Kafasito ba ya yin haka: lambar za ta yi ta hawa yayin da yake cika, har ta ƙare a OL.

Akwai shaidar da ta fi siffa ƙarfi, ita ce wurin da kayan yake zaune. Wuta tana da hanyar da take bi a cikin caja, kuma tsarin kusan ɗaya ne a yawancinsu. Daga ƙafafun soket tana fara ratsa fis, sannan dayod huɗu ko baƙin abu ɗaya mai ƙafafu huɗu da aka haɗa su a ciki, sannan kafasito mai 400V, sannan taransisto ko IC da ke yanka wutar da sauri, sannan taransifoma mai rawayan tef. Bayan taransifoma akwai fili ko tsagi a fanel, wanda ya raba babbar wuta da ƙarama. Ƙetarensa sai dayod ɗaya, da kafasito mai ƙaramin bolt, da bakin da ake soka waya. Wanda ya riƙe wannan tsari, ko rubutu ya goge, zai iya cewa abin da ke nan tabbas kaza ne.

Mu ɗauki caja da ta mutu bayan wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare. An buɗe, an tabbatar babban kafasito ba wuta. Daf da ƙafar soket ga wani abu mai zobba: ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ruwan zinariya. Ɗaya, sifiri, ba ƙarin sifiri, om 10. Siffarsa ta rizisto ce, amma wurin zamansa na fis ne, kuma a gefensa an rubuta F1 ko FR1. Irin riziston nan ne da aka ƙera don ya tsinke idan wuta ta yi yawa, ba tare da ya ci wuta ba. An ɗora mita, ta nuna OL maimakon 10. Ya tsinke.

Ga ƙa'idar da ke taimakawa a wannan awo. Rizisto yana kan fanel, mita na iya nuna ƙasa da ƙimarsa, saboda wutar mitar na samun wasu hanyoyi ta cikin maƙwabtansa. Amma ba za ta nuna sama da ƙimarsa sosai ba sai in ya lalace. Don haka om 10 da ya koma OL ba ya bukatar ƙarin bincike, om 10,000 da ya nuna 6,000 kuwa sai an narkar da dalma an ɗaga ƙafarsa ɗaya kafin a ce komai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a canja wannan rizisto a rufe caja. Fis ba ya tsinkewa haka kawai, wani abu ne a bayansa ya ja wuta fiye da kima. Sai a bi dayod huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Uku sun nuna wajen 0.6 ta gaba. Na huɗu ya nuna 0.00 gaba da baya, mita na ƙara. An ɗaga ƙafarsa ɗaya an sake aunawa, bai canja ba: ya narke ta ciki, ya zama waya miƙaƙƙiya. Shi ne mai laifin. A jikinsa an rubuta 1N4007, sai a sa irinsa, layin na kallon inda na tsohon yake kallo. Kafin a kunna, a duba kan kafasito mai 400V ko ya kumbura, a kuma auna ƙafafun taransiston ko sun haɗe, don wutar da ta kashe dayod takan taɓa shi.

Wurin fis ɗin kuma a mayar da irinsa, om 10 mai tsinkewa. Wasu sukan ɗaura siririyar waya a wurin don aiki ya yi sauri, cajar kuma ta tashi. Ranar da wani dayod ya sake narkewa, babu abin da zai tsinke, kuma yawanci a gefen katifa ake jona caja.