Takalmin Kicin: Sirrin Yana Tafinsa

A kicin ɗin gidan abinci, ƙasa ba ta rabuwa da abu biyu: ruwa da mai. Man gyaɗa na tsartuwa daga kaskon suya, ruwan wanke-wanke na malala daga baho, ga tayil mai sheƙi da masu gini suka fi so. Duk da haka za ka ga kuku ɗauke da tukunyar miya mai tafasa, ƙafarsa sanye da silifas ɗin da tafinsa ya side. Irin wannan faɗuwar ba ta tsayawa a targaɗe, har da ƙuna take zuwa.

Santsi yakan ɗauki mutum ne a daidai lokacin da diddige ya fara taɓa ƙasa. Idan akwai mai ko ruwa a wurin, sai ya shiga tsakanin takalmi da tayil, ya hana su haɗuwa. Takalmin hana santsi yana magance wannan da abu biyu. Tafinsa na roba ce mai taushi wadda ke kama ƙasa, sannan an yi masa ƙananan tsagogi masu yawa da ke buɗe har zuwa gefe. Da an taka, nauyin jiki zai matse man ya bi ta tsagogin ya fice, kamar yadda zanen tayar mota ke korar ruwa a kan kwalta. Shi ya sa babban but mai manyan haƙora, wanda ke aiki a laka, bai dace da kicin ba: kaɗan ne daga cikin tafinsa ke taɓa tayil.

An gwada amfanin wannan takalmi. A Amurka, hukumar NIOSH ta wallafa wani bincike a 2019 kan ma'aikatan kicin na makarantu. Inda aka raba wa ma'aikata takalma masu ingancin riƙo kyauta, neman diyyar rauni saboda zamewa ya ragu da kashi 67 cikin ɗari.

To, yaya mai saye zai gane na ƙwarai? A ce mai suyar kaji ya je kasuwa, an ajiye masa takalma biyu. Ya fara da duba harshen takalmin ko cikinsa, inda ake buga lambobi. Na farko yana ɗauke da FO. Wannan na nufin mai ba zai lalata robar ba, amma bai ce komai game da santsi ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Na biyu yana da SRC, wato ya ci gwaji biyu na ƙa'idar Turai: tayil mai ruwan sabulu, wanda shi kaɗai ake rubuta masa SRA, da faifan ƙarfe da aka shafa wa gilisarin, wanda ake rubuta wa SRB. Mai aiki kusa da kasko na biyun zai ɗauka. A sababbin takalma da suka bi ƙa'idar da aka sabunta a 2022, alamar da zai nema ita ce SR. Bayan lamba, ya juya takalmin ya danna tafin da babban yatsa. Idan ya ji shi da tauri, ko ya ga diddigen ba shi da tsaga, ya ajiye. Saman kuma ya zama rufaffe, ba huji, don kada tafasasshen ruwa ya sami ƙafa.

Takalmi mai kyau ma yana mutuwa tun samansa na sheƙi. Diddige ne ke fara sidewa, kuma da wurin da ya side ya yi faɗi, mai zai rasa hanyar fita. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh sun fito da gwaji mai sauƙi: a ɗauki batir mai lamba AA, irin na agogon bango, a ɗora gindinsa a kan wurin da ya fi sidewa a diddige. Idan sidadden wurin ya fi gindin batirin faɗi, lokacin canji ya yi. Wannan gwajin zai yi wa mai sayen gwanjo amfani sosai, domin lambar SRC tana nan daram ko da tsagogin sun ƙare.

Sai kuma tsafta. Ƙullu da shinkafa da daskararren kitse suna toshe tsagogin, tafin ya koma sumul. A goge shi da buroshi da ruwan ɗumi mai sabulu bayan an tashi aiki, kuma a bar shi a wurin aiki, domin yashin titi yana cinye robar da wuri. Shi ma mai gidan abinci yana da nasa aikin: goge daɓe da ruwan sanyi baza mai kawai yake yi. Sai an zuba ruwan zafi da sabulu, an ba shi ɗan lokaci ya narkar da maiƙon, an dirje, sannan a kwashe ruwan a busar. Idan mai ya zube har ya kwanta, a tsaya a kwashe shi nan take, domin ba tsagar da za ta iya korar mai yawa haka.