Tallar Ɓoye: A Faɗi Gaskiya Tun Daga Farko

A shekarar 2022 Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 don sasantawa da hukumar SEC ta Amurka, bayan ta tallata kuɗin intanet na EthereumMax a Instagram. Ta sanya alamar #AD, amma ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba, alhali dokar hannayen jari ta wajabta faɗin adadin.

Hikimar dokar a fili take. Mai kallo yana auna shawarar masoyi daban da maganar ɗan talla, don haka ɓoye biyan yana hana shi yin awon daidai. Shi ya sa bayanin ya kamata ya zo a farkon bidiyo, da baki da kuma rubutu, a harshen da ake magana, kuma kyautar kaya ma biya ce.

Wasu na cewa bayyanawa tana rage ciniki. Tana iya ragewa a yau, amma wanda ya gano da kansa an yaudare shi zai yi shakkar duk yabon da ka taɓa yi, har wanda ba a biya ka ba. Kada ka yabi abin da ba ka gwada ba.