Nawa Kilo Ɗaya Na Abincin Kaji Ya Ke Tsaya Maka?

Ina da kaji masu ƙwai guda 100 a gidanmu a Misau, kuma ni ke haɗa musu abinci da hannuna. Na daɗe ina tsammanin ina cin riba, ashe kuɗin makarantar yara na ke zuba wa kaji. Lissafin kilo ne ya tona asirin abin.

Ga yadda a ke yi. Da fari sai ka mai da kowane farashi na kilo. Kada ka yarda da sunan buhu. Na taɓa sayen buhun masara da a ke cewa kilo 100 ne, da na ɗora a sikeli sai ga 90. In a ce Naira 45,000 ka biya, to, kilo ya tsaya maka 500 ke nan, ba 450 ba.

Sa'an nan ka ninka nauyin kowane abu da farashinsa. Kuɗin da zan ambata misali ne kurum, kai sai ka sa na kasuwar Misau ko ta Azare a ranar da ka yi saye. A cikin haɗin kilo 100 nakan sa masara kilo 50, a kan 500, watau 25,000. Ƙuliƙuli kilo 22, a kan 800, ya kama 17,600. Dusa kilo 18, a kan 250, ta kama 4,500. Garin ƙashi da farar ƙasa, masu ƙarfafa ɓawon ƙwai, kilo 9 a kan 150, watau 1,350. Gishiri da garin bitamin kilo 1, Naira 2,000. Jimla 50,450.

Da saura fa. Niƙa da dako sun ci 2,500, kuɗi ya zama 52,950. Injin niƙa kuma ba ya mayar maka da duk abin da ka ba shi, wani ya tashi ƙura, wani ya zube. In kilo 98 ya rage, da 98 za ka raba. Kilo ɗaya ya tsaya kimanin Naira 540.

Wani ɗalibi ya taɓa tara farashin nan biyar ya raba da biyar, ya sami 740. Kuskure ne, domin ya daidaita bitamin na kilo 1 da masara ta kilo 50.

Don haka ne na fi sa ido a kan masara. In kilonta ya hau da Naira 100, abincin ya hau da kusan 50. Amma ko kuɗin gishiri da bitamin ya ninka, wajen 20 kaɗai zai ƙara. Da kaka masara takan yi araha, sai dai ɗanya ce, za ta bushe ta rage nauyi, in ma ba ta yi fumfuna ba. Ka sake auna ta ran niƙa.

Kaza mai ƙwai takan ci wajen giram 120 a yini. Nawa 100 ɗin suna cin kilo 12, watau Naira 6,480 kullum, tun ban taɓa kuɗin magani ba. Da wannan adadi na ke yanka farashin kiret.