Biyar bisa goma sha shida: abin da ɗalibar malanta za ta karanta a littattafan yara

Duk wanda zai karɓi takardar shaidar malanta ta NCE a Najeriya, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da dokar ilimi ta yarda a shiga aji da ita, sai ya bar kwalejinsa na wani lokaci an tura shi wata firamare ko ƙaramar sakandare ya koyar. Karatun shekara uku ne, kuma a yawancin kwalejoji a shekarar ƙarshe ake fita wannan gwajin koyarwa, bayan an gama atisaye a gaban ’yan aji ɗaya, inda ɗalibi ke koyar da abokansa na ’yan mintoci su yi masa gyara. A makarantar da aka tura shi ana haɗa shi da malamin aji, sannan malaman kwaleji su riƙa zuwa, su zauna a bencin baya da takardar ba da maki. Suna duban shirin darasi, da sanin abin da ake koyarwa, da riƙon aji, da amfani da allo, da yadda aka auna fahimtar yara, har da shigar malami da muryarsa.

Da yawa daga cikin masu wannan gwaji sun ɗauka cewa ranar zuwan mai dubawa rana ce ta nuna kai. A ganina nan ne kuskuren yake farawa, domin abin da ake son ganowa shi ne me yaran suka iya da ƙarfe tara wanda ba su iya ba da ƙarfe takwas. Shirin darasi da waiwayen da ake yi bayansa duk wannan tambayar suke yi wa hidima.

Mu ɗauki misali. Ɗalibar malanta ce aka ba aji huɗu na firamare, yara 60, uku-uku a benci, darasin lissafi na minti 40. Ba ita za ta zaɓi abin da za ta koyar ba: akwai manhajar ƙasa da hukumar NERDC ke tsarawa, makaranta kuma ta yanka ta mako-mako a jadawalin zango. Makon nan ya faɗo kan tara ɓangarori masu lambar ƙasa iri ɗaya, kamar uku bisa takwas a tara da biyu bisa takwas. A saman shafi za ta rubuta kwanan wata, aji, darasi, batu, tsawon lokaci da adadin yara. Wannan ba ya cin minti biyu.

Inda ake daɗewa shi ne manufa. Sabon malami yakan rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su fahimci tara ɓangarori, mai dubawa kuma yakan ja layi a ƙarƙashin wannan jimla, saboda babu yadda za a yi a leƙa cikin kan yaro a ga fahimta. Tun bayan aikin Benjamin Bloom da abokansa na 1956 kan rabe-raben manufofin ilimi, kwalejojin malanta ke horar da ɗalibai su rubuta manufa da aikin da ido zai gani: yaro ya faɗa, ya nuna, ya zana, ya lissafa. Don haka sai ta gyara: a ƙarshen darasi kowane yaro zai iya nuna uku bisa takwas a jikin takardar da aka naɗe, kuma zai iya tara ɓangarori biyu masu lambar ƙasa ɗaya, ya ci aƙalla biyu cikin tambayoyi uku. Manufa biyu sun ishi minti 40. Wanda ya jera biyar zai kwashi gudu ne, ya bar yaran a baya.

Daga nan sai abin da yara suka riga suka sani. A nan ma ana yawan rubuta jimlar da ba ta ɗauke da komai, wai yara sun saba da batun. Abin da ake bukata takamaimai ne: sun san rabi da kwata, sun iya tara ƙananan lambobi, an kuma koya musu makon jiya cewa lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu. Hanyar tabbatarwa ita ce ta tambayi malamin ajin, ta kuma duba littattafan wasu yara kafin ranar, kada ta dogara da abin da aka cike a jadawali.

Kayan koyarwa ba sai na kuɗi ba. Tsohuwar takarda da aka yanka dogo-dogo, in aka naɗe ta biyu har sau uku, za ta ba da gida takwas daidai wa daida. Benci 20, takarda 20. Sai ta raba lokaci: minti 5 na gabatarwa, ta tuna musu da rabi da kwata; minti 10 su naɗe takarda su ƙirga gidajenta; minti 10 su shafe gida uku da fensir, su ƙara shafe biyu, su ƙirga, ita kuma ta rubuta 3/8 + 2/8 = 5/8 a allo; minti 10 na tambayoyi uku da kowa zai amsa a littafinsa; minti 5 na taƙaitawa da ba da jinga. Kowane mataki ana rubuta abin da malama za ta yi a gefe ɗaya, abin da yara za su yi a ɗaya gefen. Idan gefen yara babu komai sai saurare daga sama har ƙasa, shirin ya riga ya faɗi abin da zai faru. Malamin aji ko shugaban makaranta ya sa hannu kafin a shiga.

To, ranar ta zo. Mai dubawa ya shigo ya zauna a baya. Rabon takardu da rigimar wa zai riƙe a kowane benci suka cinye mata kusan minti bakwai da ba ta sa a lissafi ba. Da ta ga lokaci ya ja, sai ta shafe gidajen da kanta a takarda ɗaya da ta ɗaga sama, ta rubuta misalai uku a allo, ta ce, “Kun gane?” Aji ya amsa da murya ɗaya, “Mun gane, Malama!” Ta yi tambayoyi huɗu, yara uku na bencin gaba suka amsa daidai. Tambayoyin ƙarshe a gurguje aka yi su, ƙararrawa ta kaɗa kafin ta taƙaita.

Bayan an fito, mai dubawa nagari ba ya fara da karanto kurakurai. Yakan ce, “Malama, ke ya kika ga darasin?” Amsar da ta fi zuwa baki ita ce, “Alhamdu lillahi, Malam, sai dai lokaci bai ishe ni ba.” Gaskiya ce, amma ba ta kai ga waiwaye ba tukuna, domin labarin malama ne kawai. Donald Schön, a littafinsa na 1983 kan yadda ƙwararru ke tunani a bakin aiki, ya bambanta tunanin da mutum ke yi yana tsakiyar aiki da wanda yake yi bayan ya gama. Sabon malami bai cika samun na farko ba, hankalinsa na kan alli da agogo da mutumin da ke zaune a baya. Na biyun ne rabonsa, kuma yana bukatar hujja.

Hujjar tana cikin littattafai 60 da ta tattara. Sai ta zauna a ofishin malamai ta kasa su kashi-kashi. A ce 22 sun ci, 8 ba su rubuta komai ba sai kwafar tambaya, 30 kuma sun ba da amsa iri ɗaya: 3/8 + 2/8 = 5/16. Wannan kashi na uku shi ya fi komai daraja a ranar. Yara 30 ba sa yin kuskure iri ɗaya don wasa ko don rashin ƙwaƙwalwa. Sun bi wata ƙa’ida ce da ta yi musu ma’ana: sun tara na sama, sun tara na ƙasa, domin a idonsu 3/8 lambobi biyu ne da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Matakin da zai hana wannan shi ne wanda ta tsallake, inda yaro zai shafe gida biyar da hannunsa ya ga cewa takardar har yanzu gida takwas ce, ba ta zama goma sha shida ba. Ke nan ƙarancin lokaci da kuskuren yaran abu ɗaya ne, kuma tushensa rabon takardu.

Akwai abin da ba za ta gani a littafi ba, sai mai dubawa ya faɗa mata: su wa ta tambaya, kuma daƙiƙa nawa ta jira. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta nuna a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. A aji mai yara 60, wanda bai jira ba da ’yan gaba uku kawai yake hira. Amsar taron nan ta “mun gane” kuwa ladabi ce, yaranmu ba sa ce wa malami a’a a gaban baƙo.

Dole a ambaci wata dabara da ta yaɗu: a koyar da darasin tun jiya, a maimaita shi yau don mai dubawa ya ga hannuwa a sama. Gogaggen malami yana ganewa, saboda yara kan ɗaga hannu kafin a ƙarasa tambaya, su kuma amsa da kalmomin malama sak. Ko da bai gane ba, ɗalibar ta sayar da damar da ta fi kowace tsada a karatunta, wato wani ƙwararre ya kalli ainihin aikinta. Haka nan mai dubawar da ya leƙa minti biyar, ya sa hannu ya wuce makaranta ta gaba, ya tauye mata haƙƙi, kuma ba laifi ba ne ta roƙe shi cikin ladabi ya ba ta gyara ko da guda biyu ne a rubuce.

Abin da za ta rubuta a ƙasan shirin bai wuce layi biyar ko shida ba: manufa ta biyu ba ta cimmu ba, 22 cikin 60 ne suka ci; rabin aji sun tara lambar ƙasa; dalili, an tsallake shafe gidaje; yara takwas da ba su rubuta komai ba za a duba ko sun san ma’anar lambar ƙasa tun farko. Sannan gyaran gobe. Takardun za su kasance a kan benci kafin a shigo, shugaban kowane layi ya raba. Ba za ta wuce zuwa sabon batu ba ko da jadawali ya ce a wuce, za ta nemi izinin malamin aji. Za ta buɗe darasin da tambayar da kowane yaro ya san amsarta: rabin lemo da rabin lemo, nawa ke nan? Za su ce lemo guda. Sai ta rubuta 1/2 + 1/2 a allo, ta kira ɗaya daga cikin 30 ɗin nan ya yi da hanyarsa, ya samu 2/4, wanda rabi ne. Daga nan ta tambayi aji ina sauran rabin lemon ya shiga, ta ƙirga zuwa biyar a zuciyarta, sannan ta nuna wata yarinya a bencin baya.