Bibob da jaz na modal: waƙa biyu sun ishi ɗalibi

Ɗalibin kiɗa da aka ba shi aikin zango ya kwatanta bibob da jaz na modal yakan cika takarda da tarihi: Charlie Parker da Dizzy Gillespie a Harlem cikin shekarun 1940, sai Miles Davis da faifansa Kind of Blue a 1959. Malami kuwa kod yake tambaya, wato sautuka uku ko huɗu da ake bugawa tare, da yadda wannan ke kai wa ga wancan.

Shawarata, a ɗauki waƙa biyu kacal: "Confirmation" ta Parker da "So What" ta Davis. Kowacce gaɓa 32 ce, an raba ta kashi huɗu a tsarin AABA. Tunda awonsu ɗaya, bambancin da ya rage na kod ne.

Ga gaɓoɓi huɗu na farkon "Confirmation": F, sai Em7b5 da A7, sai Dm7 da G7, sai Cm7 da F7. Kod bakwai ke nan, kafin a sauka kan Bb7 a gaɓa ta biyar. Ƙirga su bai isa ba, dole ɗalibi ya nuna abin da ke jan kunne gaba. A Cm7 akwai sautin Bb, wanda ke zamewa rabin taki ya zama A na F7. Shi ma F7 yana ɗauke da Eb, wanda ke sauka kan D na Bb7. Wannan zamewa ce mai busa saksofon ke bi a guje, yana neman dira kan sautin da ya dace daidai lokacin da kod ya canza.

"So What" ta ƙi wannan tseren. Gaɓa 16 tana zaune a sikelin Doriyan na D, wato fararen maɓallan fiyano daga D zuwa D. Sai ta hau rabin taki zuwa Eb na gaɓa 8, ta dawo D na gaɓa 8. Kod ɗin da Bill Evans ya buga, E A D G B, an jera shi ne galibi da tazarar huɗu-huɗu, shi ya sa ba ya matsa wa kunne lamba sai an warware shi. Wanda ya saba jin goge yana kewaya sauti guda ba zai ji baƙunta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta cewa modal ya fi sauƙi. Idan kod ya daina yi wa makaɗi jagora, shi zai ƙirƙiro tashin hankali da saukarsa da kansa, kuma ɓata lissafi a gaɓa 24 na D da ke biye da juna tsakanin zagaye biyu ba wuya. Kar kuma a ce modal ya binne yawan kod: John Coltrane, wanda ya busa a Kind of Blue, a 1959 ɗin ya naɗi "Giant Steps" mai cunkushe da su.

Ɗalibi, ka rubuto gaɓa takwas na busar Parker da takwas na Davis, ka yi wa kowane sauti alamar kod ko sikelin da yake kai. A nan makinka yake.