Kafin a Zuba Dekin: Takardar da Ke Tsayar da Aiki

Kankare ba ya tona asiri. Da zarar an zuba shi ya daskare, rodin da ke ciki, mai kauri ne ko siriri, an jera shi daidai ko an yi masa tazara, ya ɓuya ke nan. Shi ya sa a ginin da ake yi bisa ƙa'ida ake rubuta tsarin kula da inganci tun kafin a haƙa harsashi. Takarda ce da ke fayyace ma'aunin da za a bi, wanda zai duba kowane mataki, da kuma alƙaluman da za a ce aiki ya karɓu ko bai karɓu ba. "A yi aiki mai kyau" ba sharaɗi ba ne, domin ba a auna shi.

Mu ɗauki bene mai hawa ɗaya da za a zuba wa dekin. Injiniya, wanda a Najeriya doka ta ce ya kasance mai rajista da hukumar COREN, ya rubuta cewa kaurin dekin zai zama milimita 150, rodi mai milimita 12 a jera shi duk bayan milimita 200, kankare kuma ya kai ƙarfin 25. Siminti da rodi su zama masu cika ma'aunin hukumar SON. Sai tsarin ya sa wata gaɓa ta tsayawa: ba a kunna injin kwaɓi sai injiniya ya hau ya duba ya sa hannu.

A nan ne ake yawan samun saɓani, don ɗan kwangila ya riga ya tara leburori, kuma kowace awa kuɗi ce. Amma duban ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Mai duba zai auna kaurin rodi, ya ja awo tsakanin ɗaya da ɗaya, ya girgiza katakon da ya tokare ƙasa. Zai kuma leƙa ko an sa 'yan ƙananan gutsattsarin kankare da magina ke kira biskit a ƙarƙashin rodi. Su ne ke ɗaga shi kimanin milimita 25 daga katako, don kankare ya lulluɓe shi. Inda babu su, rodi kan kwanta a fatar dekin, damshi ya same shi, ya yi tsatsa ya kumbura, bayan 'yan shekaru a ga silin yana ɓarewa.

Ranar zubi, babban abin tsoro shi ne ruwa. Lebura ya fi son kwaɓi ruwa-ruwa, ya fi sauƙin ɗiba da shimfiɗawa, ba kuwa za a ga laifinsa ba in an dubi tsanin da yake hawa da kwano a kai. Sai dai yawan ruwa na rage ƙarfin kankare. Don haka ake cika wani mazubin ƙarfe mai tsayin milimita 300 da kwaɓin, kashi uku, kowane kashi a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, sannan a zare mazubin a auna yadda tulin ya zauna. In tsarin ya ce kada ya wuce milimita 100, shi kuwa ya baje, wannan kwaɓin ba zai hau sama ba.

Daga cikin kwaɓin da ake zubawa, ba wani na musamman da aka gyara a gefe ba, ake cika ƙananan akwatuna masu milimita 150 ta kowane ɓangare. Washegari a fito da dunƙulen a jiƙa cikin ruwa, a kai ɗakin gwaji inda injin zai matse su har su fashe, wasu a kwana 7, sauran a kwana 28. Ƙarfin 25 na nufin dunƙulen da ake iya ɗauka da hannu biyu ya jure nauyin kusan tan 57 kafin ya fashe.

A kwana 7 ana sa ran ya kai wajen kashi biyu cikin uku, wato 16 ko 17. A ce sakamako ya fito 11. Ba a rushe komai tukuna, amma ba a cire tokaren ƙasa, ba a kuma jibge bulo a saman dekin. In na kwana 28 ya tsaya a 19, aikin bai cika sharaɗi ba. Sai a rubuta rahoto, a huda dekin ɗin a ciro samfur daga jikinsa a sake gwadawa, tunda wani lokaci dunƙulen ne aka lalata wajen ajiya. In shi ma ya gaza, injiniya zai sake lissafi ya yanke hukunci: a ƙara ginshiƙi ko gada, a rage nauyin da za a ɗora, ko a fasa a sake zubawa.

Wa zai biya? Tsarin da aka haɗa da yarjejeniyar kwangila kan ɗaura biyan kuɗin dekin da sakamakon kwana 28. Mai gidan da ya biya duka ranar zubi, in sakamako ya fito da rauni, daga aljihunsa gyaran zai fito, sai dai in ɗan kwangilar mai tsoron Allah ne.