Rasit ɗin sautu daga Ingila: yadda ake karanta shi

Wanda ke zaune a Kafanchan, Kagoro ko Zonkwa, ya ba ɗan'uwansa da ke aiki a Ingila sautun kaya, yawanci hoton rasit ne ke fara iso masa a waya kafin kayan. Rigimar kuɗi kuwa a kan wannan hoton take tashi. Ga misalin irinsa:

```
LDS COAT NVY 14     24.00 A
KIDS TRNRS 2@5.00   10.00 Z
TOTAL               34.00
A 20%  NET 20.00  VAT 4.00
```

Sunayen kaya a gutsure suke zuwa, saboda takardar siririya ce. Layin farko kwat ce ta mata, shuɗiya mai duhu, kuma 14 ɗin lambar girmanta ce, ba yawanta ba. Na biyu takalman yara ne, ƙafa biyu, kowace fam 5.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne layin ƙarshe. Mutum ya ga `VAT 4.00` a ƙasan jimilla, sai ya ɗora, ya ce kayan sun tashi fam 38. A'a. A kantunan Birtaniya harajin yana cikin farashin da aka liƙa wa kaya tun farko. Kwat ɗin fam 20 ce, harajin kashi 20 cikin ɗari ya kama fam 4, shi ya ba da 24. In kana son tabbatarwa, raba farashin gida shida, kashi ɗaya shi ne harajin. Takalman ba su shiga lissafin ba, don suturar ƙananan yara harajinta sifili ne a can. Harafin da ke gefen farashi shi ke nuna ajin kowane kaya, kodayake kowane kanti da nasa haruffan. Abin da aka biya dai fam 34 ne. Kada kuma a auna da kashi 7.5 na Najeriya, ko a sa ran za a karɓo harajin a filin jirgi: tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi shi a Ingila.

Sai ƙananan rubutun ƙasa, waɗanda masu ɗaukar hoto kan yanke. Ka ce a sake ɗauko maka su. Nan kanti ke faɗin wa'adin mayar da kaya, galibi kwana 28 ko 30, da rasit a hannu, ba a cire tambarin farashi ba. Kamfai da 'yan kunne ba kasafai ake karɓarsu ba. `Exchange only` na nufin musanya kawai, kuɗi ba ya dawowa.

Dokar Birtaniya ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a biya shi kuɗinsa. Amma "bai yi mini ba" ba aibi ba ne. Wannan sai yadda kanti ya ga dama. Lissafin kwanakin kuma daga ranar saye yake farawa, ba ranar da kaya suka sauka Kafanchan ba. Don haka lambar girma da launi, a kan hoton za ka tantance su, tun kayan na hannun mai sautu.